An bar soket ana dukan rami

Wata magana ta cika bakin masu sayar da kayan kwamfuta, kuma makon nan ta kai ni maƙura. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, mutane suka fara ciro tsofaffin akwatunansu suna tambayar abin da za a iya ƙara musu, amsar da aka fi ba su kuwa ita ce wai katin girafik na zamani ba ya aiki a tsohon madabod, domin ramin da ake soka shi na PCIe 3.0 ne, katin kuma na 4.0. Sai mutum ya tsorata, ya sayi abin da ba ya buƙata, ko ya haƙura da abin da zai amfane shi. Bakin da ya faɗi wannan kuma shi ne zai ce wa wani ya ɗauki furosesa kawai, ai lambar soket ɗin ɗaya ce. An juya gaskiya ƙafa a sama. Ramin kati titi ne, yana iya yin ƙunci amma mota za ta bi. Soket ɗin furosesa kuwa katanga ce, in ka iso gare ta ka tsaya.

Mu fara da ramin, tunda shi ake duka. Waɗanda suka tsara PCIe sun gina shi ne yadda sabo da tsoho za su fahimci juna. Idan aka kunna kwamfuta, kati da madabod sukan daidaita a kan saurin da dukkansu za su iya, saboda haka katin 4.0 a ramin 3.0 zai tashi ya yi aiki da saurin 3.0, ba tare da an taɓa komai ba. Lissafin ma ba shi da wuya. Dogon ramin yana da layi 16. Kowane layi na 3.0 yana ɗaukar kusan gigabait 1 a daƙiƙa, na 4.0 kusan 2, wato kusan 16 ke nan a tsohon rami, kusan 32 a sabo. A takarda rabi ya tafi, amma kati ba ya wuni yana jidar kaya a wannan titi. Yana da rumbun ajiyarsa a jikinsa, yakan ɗebo hotuna da siffofin da zai yi aiki da su ya zuba a can, ya ci gaba da aikinsa a cikin gida. Shi ya sa katin da ke amfani da layi 16 cif, in aka mayar da shi ramin 3.0, abin da yakan rasa a yawancin wasanni ba ya wuce kashi kaɗan cikin ɗari, abin da ido ba zai kama ba.

Inda titin ke cizo daban ne, kuma ba a babban kati ba ne, a mai araha ne. Kamfanoni kan rage layukan ƙananan katuna don su rage kuɗi. RTX 4060 da RX 6600 layi 8 kawai suke amfani da shi, ko da an soka su a rami mai 16, don haka a tsohon madabod kusan gigabait 8 suke samu, wanda har yanzu yana isa matuƙar rumbun katin bai cika ba. Amma RX 6500 XT, wanda ya fito a Janairun 2022, layi 4 ne da shi, rumbunsa kuma gigabait 4. A ramin 3.0 titinsa ya koma kusan gigabait 4 a daƙiƙa. Da zarar wasa ya nemi fiye da abin da rumbun zai ɗauka, dole katin ya riƙa zirga-zirga zuwa ram ɗin kwamfutar ta wannan siririn lungu, sai hoto ya fara sarƙewa yana tsalle. Mai tsohon madabod, wanda shi ne aljihunsa ke tura shi wajen wannan kati, shi ne kuma katin ya fi cuta. Araha ba ta ado. Tambayar da ta dace a yi a shago ke nan, layi nawa katin yake amfani da shi, rumbunsa kuma nawa ne, ba lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a kwali ba. Akwai kuma katunan Intel Arc, waɗanda ke rasa ƙarfi sosai idan madabod ba shi da abin da ake kira Resizable BAR, kuma tsofaffin alluna da yawa ba su da shi.

Yanzu ga katangar. Ɗauki kwamfutar da ta zama ruwan dare a kasuwar kayan hannu: madabod mai cifset H110, da furosesa Core i5-6500 na 2015, mai cibiyoyin aiki huɗu, zaune a soket LGA 1151. Mai ita ya ga Core i5-8400 mai cibiyoyi shida, a jikin kwalinsa an rubuta LGA 1151. Allurai 1151 nan, 1151 can. Zai zauna a gurbin daram, murfin zai rufu, a shafa man sanyaya, a ɗaura fanka, a danna makunni, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Kama da wane ba ta wane. Lokacin da Intel ta fitar da zubi na takwas a 2017, ta bar siffar soket ɗin da yawan alluransa yadda suke, amma ta sauya aikin wasu daga cikinsu don ƙarin wuta, ta kuma ɗaure sabon zubin da cifset na jerin 300. Allunan jerin 100 da 200 zubi na shida da na bakwai kawai suka sani. Saboda haka ƙarshen tafiyar wannan H110 shi ne Core i7-7700 ko ɗan'uwansa 7700K, shi ma sai an sabunta BIOS, kuma cibiyoyi huɗun ne dai, sai dai kowace tana riƙe aiki biyu a lokaci guda. Bayan an kashe kuɗin, Windows 11 ba ta sa shi a jerin waɗanda ta yarda da su ba, domin a kwamfutocin tebur irin wannan daga zubi na takwas ta fara. Za a ce ai akwai gwanayen da suka yi wa BIOS kwaskwarima, suka toshe wasu allurai, suka tilasta wa sabon zubi zama a tsohon allo. Gaskiya ne, amma wanda kwamfutarsa ce ke ciyar da gidansa ba ya gwada wannan.

Kwatanta da maƙwabcinsa da ya sayi madabod B350 da Ryzen 5 1600 a 2017, a soket AM4. A 2022 AMD ta buɗe wa nata allunan jerin 300 ƙofar karɓar Ryzen 5000 ta hanyar sabon BIOS, don haka allon nan ɗaya yana iya ɗaukar Ryzen 5 5600, har ma da Ryzen 7 5800X3D, idan kamfanin da ya ƙera shi ya fitar da sabuntawar. Sharaɗin shi ne a sabunta BIOS tun tsohon furosesa yana kai, kuma a kan wutar da ba za ta ɗauke ba, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS, allon yana iya mutuwa ɗungurungum. Mu da muka san halin wutarmu, wannan aikin inbata ne ko janareta mai cikakken mai. Lura kuma da abin da ya fi muhimmanci ga hujjata: B350 ɗin nan a PCIe 3.0 zai tsaya har abada, amma mai shi ya samu kwamfutar da ta yi tsalle mai nisa. Allunan biyu ramin katinsu iri ɗaya ne, shekarunsu kusa da juna, abin da ya raba makomarsu soket da cifset ne.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce ta wanda ya sa sabon kati a tsohuwar kwamfuta bai ga wani canji ba. Wannan yana faruwa, ban musa ba, amma a tambayi wane ne mai laifin. Furosesa ne ke shirya wa kati aiki, in ya gaza sai katin ya zauna jiran tsammani. Gane wannan ba ya buƙatar boka. A buɗe Task Manager ana cikin wasa ko haɗa bidiyo: idan furosesa ya maƙale kusa da 100 cikin 100, katin kuma yana hutawa a ƙasa, kuma an rage girman hoton amma saurin bai ƙaru ba, to furosesa ne ya toshe hanya. Ramin kuwa GPU-Z zai faɗi halinsa a gurbin Bus Interface, inda za a ga abu kamar `@ x16 3.0`. Sai dai a duba shi yayin da katin ke aiki, domin in yana zaune yakan sauka zuwa 1.1 don tanadin wuta, kuma wannan adadin ne wasu ke nuna wa mai saye su ce masa allonsa ya mutu. Wannan ba kuskure ba ne, cin amanar wanda bai sani ba ne, kuma wanda ya san GPU-Z har ya iya buɗe shi ya san abin da yake yi.

Ba zan gaji da maimaita wannan ba: a kwamfutocin ofis na hannu da ake jibgo mana, abin da ke fara hana kati zama ba ramin ba ne, akwatin raba wuta ne. Ramin da kansa wat 75 yake bayarwa iyaka. Katin da ya wuce haka, kamar RTX 4060 mai cin wat 115, yana buƙatar wayar wuta ta daban, ƙananan akwatunan ofis kuwa galibi ba su da ita, ƙarfinsu bai kai wat 300 ba, wasu ma mahaɗar wutarsu ta kamfani ce da ba a musanya ta da ta kasuwa. Irin waɗannan sai kati kamar GTX 1650 maras waya ko RTX 3050 mai gigabait 6, kuma in akwatin siriri ne sai gajeren kati. Kwamfutar da ke mutuwa fat da zarar wasa ya yi nauyi ba lambar PCIe take kuka da ita ba.

To me mai H110 ɗin nan zai yi da kuɗinsa? Ya buɗe CPU-Z, ya karanta sunan allonsa a shafin Mainboard, ya nemo jerin furosesocin da kamfanin ya ce allon yana ɗauka, da lambar BIOS da kowanne ke buƙata. Idan ya ga jerin ya ƙare a zubi na bakwai, kada ya zuba kuɗi a i7-7700 don kawai shi ne sarkin wannan soket. Katin girafik mai layi 8 ko 16 zai iya saya yau, ya more shi a ramin 3.0, gobe ya tafi da shi sabon allo, ram ɗinsa ma in DDR4 ne zai bi shi zuwa B450 ko B550. Furosesan da aka saya don soket ɗin da aka rufe kuwa, a nan zai tsufa tare da allon.