Ba kowane farin gari ne madarar jinjiri ba

Ranar kasuwar Dantchiao mukan ga gwangwanaye da ƙananan ledoji na madara jere bisa teburan ƴan tireda. Wasu sun shigo ta Babura ko Maigatari, da rubutun Ingilishi a jikinsu. Wasu sun zo daga Damagaram, da rubutun Faransanci. Garin da ke ciki duk fari ne, amma ba duka ne abincin jinjiri ba. Ra'ayinmu shi ne: kada a saya wa jinjiri gwangwani sai an karanta jikinsa. Wanda ya koyi lambobi a ajin yaƙi da jahilci zai iya wannan karatu, ko da bai ji Turanci ba.

Nonon uwa ne gaba

Babu madarar kanti da ta kai nonon uwa. Daga haihuwa zuwa wata 6, nono kaɗai ya ishi jinjiri, ba sai an ƙara masa ruwa ba, ko a bazara. A shekarar 1981 ƙasashen duniya suka amince da wata ƙa'ida a taron Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙa'idar ta ce a rubuta a jikin gwangwanin madarar jarirai cewa nonon uwa ya fi, kuma kada a sa hoton jinjiri don jan hankalin mai saye.

Amma akwai larura. Wata uwar takan rasu wajen haihuwa, wata takan kwanta ciwo mai tsanani. A irin wannan hali, a fara zuwa gidan likita. A duba ko akwai ƴar uwa da za ta shayar da yaron, bayan an auna lafiyarta. In babu, sai a koma ga gwangwani.

Mu ɗauki misali. Ga wata kaka a wani ƙauye tsakanin Dantchiao da Dungas. Ɗiyarta ta rasu, ta bar mata jika ɗan wata 1, mai nauyin kilo 4. Ta zo kasuwa da kuɗin akuyar da ta sayar. Mai tebur ya ce mata: "Inna, ga mai araha, duk madara ce." Abu 4 ya kamata ta duba kafin ta kwance bakin zanenta.

Na farko: lambar watanni

Madarar da aka yi don jinjiri tana ɗauke da lambar watanni a gaban gwangwani. In an ga 0-6, ta sabon haihuwa ce har wata 6, kuma sau da yawa akwai babbar lamba 1 a jiki. Wani gwangwanin yakan ce 0-12, shi ma ya dace da sabon haihuwa. In an ga 6-12 da babbar lamba 2, ta wanda ya wuce wata 6 ce. In an ga 1-3, wannan shekaru ne, ba watanni ba. Ga yadda za a bambanta: kalmar da ke nufin wata, a Faransanci da Ingilishi, tana farawa da haruffan m da o.

Jikan kakar nan sai mai 0 a farko. Madarar manyan yara ba a haɗa ta daidai da cikin sabon haihuwa ba. Gwangwani ko ledar da ba ta da lambar watanni ko kaɗan, madarar shayi ce. A bar wa mai shayi kayansa.

Na biyu: abin da aka haɗa

A bayan gwangwani akwai jerin abubuwan da aka haɗa. Ana fara rubuta wanda ya fi yawa, a ƙare da mafi ƙanƙanta. Jerin madarar jarirai dogo ne, domin an ƙara mata sinadaran ƙarin jini da na gina ƙashi masu yawa. Jerin madarar shayi gajere ne, layi 2 ko 3. Da yawa daga cikin ƙananan ledojin nan madarar saniya ce da aka cire wa manta, aka zuba man itatuwa a madadinsa. Babba zai sha ba komai. Jinjiri kuwa ba za ta riƙe shi ba.

Madarar ruwa mai kauri da zaƙi, wadda ake zubawa a biredi, ta fi haɗari. Kusan rabinta sukari ne. Kalmar sukari tana da sauƙin ganewa, don a harsunan biyu tana farawa da s da u, kamar a Hausa. In ka gan ta a farkon jeri, ajiye gwangwanin.

Na uku: kwanan wata

A gindin gwangwani akan buga kwanan wata 2. Na baya shi ne lokacin da aka yi madarar, na gaba shi ne lokacin da za ta lalace. Sau da yawa haruffan EXP suna gabansa. In an rubuta 03/2027, ma'ana watan 3 na shekarar 2027. In lokacin ya wuce, ko an kankare lambar, kada a saya. Haka ma gwangwanin da ya yi tsatsa, ko ya kumbura, ko aka ɓalle marfinsa. Madarar da ake aunawa da cokali daga buhu kuwa ba ta da takardar da za a karanta, saboda haka ba ta jinjiri ba ce.

Na huɗu: awon ruwa da gari

A nan ne aka fi yin kuskure. A cikin kowane gwangwani akwai ɗan cokalin awo. Yawancin gwangwanaye suna cewa cokali 1 ga ruwa mililita 30, amma a duba zanen da ke jiki, don wasu sun bambanta. Kada a yi amfani da cokalin wani gwangwani dabam.

Jinjiri yana bukatar kimanin mililita 150 a yini ga kowane kilo na nauyinsa. Jikan kakar nan kilo 4 ne, ke nan wajen mililita 600 a yini. Za ta ba shi mililita 90 sau 7, dare da rana. Ruwa mililita 90 yana ɗaukar cokali 3. Ta roƙi ma'aikacin lafiya ya auna mata ruwan, ya yi mata alama a jikin kofi. A riƙa komawa awo duk wata, don bukatar yaro tana ƙaruwa da nauyinsa.

Ta wanke hannu da sabulu. Ta tafasa ruwa sosai, ta bari ya ɗan huce, amma kada ya wuce minti 30. Dalili shi ne garin kansa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma ruwa mai zafi ne ke kashe su. Ta zuba ruwa tukuna har alamar, sannan gari. Ta share bakin cokalin da wuƙa mai tsabta, kada ta yi masa tozo. Ta dama, ta tsoma gindin kofin a ruwan sanyi, ta ɗiga a bayan hannunta ta ji ko ya huce. Ta ba shi da ƙaramin kofi, don kwalba mai bakin roba tana da wuyar wankewa, tana kuma jawo zawo. Abin da ya rage a kofi a zubar. Madarar da aka dama ta yi awa 2 a ajiye, ita ma a zubar.

Gwangwani shi ne shaida

Yanzu mu yi lissafi. Cokali 3 sau 7 ya zama cokali 21, wato kimanin giram 90 na gari a yini. Gwangwani mai giram 400 ba zai kai kwana 5 cikakku ba. In kakar nan ta ce gwangwaninta yana yin kwana 10, to ruwa ya yi yawa, yaron yana cin rabin abincinsa ne kawai. Cikinsa zai cika, amma zai yi ta kuka, nauyinsa ya tsaya, fatar cinyarsa ta yi yaushi. Ta haka tamowa ke shiga. In kuma gari ya yi yawa, yaro zai yi ƙishi, kashinsa ya yi tauri, fitsarinsa ya ragu. Duka biyun sai a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Daga haihuwa zuwa wata 6, jinjiri yana shan gari wajen kilo 20, wato gwangwani kusan 50 masu giram 400. A tambayi kuɗin guda a ninka. In a ce jika 4 ne, jimla jika 200 ke nan. Buhun gero nawa ne wannan? Shi ya sa muke roƙon uwa mai nono kada ta fara gwangwani don ta ji an ce nononta ya yi kaɗan. In yaro ya rage tsotso, nono yakan janye, kuɗi kuma su ƙare a tsakiyar hanya. Yawan ba yaro mama shi ke kawo ruwan nono.

Bayan wata 6

Garin kunun jarirai na kanti shi ma yana da lamba. Ko an rubuta 4 a jiki, a jira sai wata 6. A duba sukari kuma. A shekarar 2024 wasu ƙungiyoyi suka sa aka auna garin Seralak na alkama da ake sayarwa a ƙasashe dabam dabam. A na Thailand an samu sukarin ƙari kusan giram 6 a ci ɗaya, wato fiye da cokalin shayi guda. Irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila ba a ƙara masa sukari ba. Suna ɗaya, abin ciki dabam. Suna ba ya isa, sai an karanta jeri.

Gonarmu tana da abin da ya dace. Kunun gero mai kauri, da garin gyaɗa ko na wake, da ɗan mai, da garin zogale, yana gina yaro. Garin Misola da ake yi a nan Nijar ma gero ne da waken suya da gyaɗa. Maraya da ya wuce wata 6 yana iya shan nonon saniya ko na akuya da aka tafasa, tare da kunu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haka a shawararta ta 2023. Gwangwani mai lamba 2 ba dole ba ne.

Kiranmu

Tun yunwar 2005 asibitin Magarya ke cika da yara masu tamowa duk damina. Kada maraya ya shiga cikinsu saboda lambar da ba a karanta ba. Muna kira ga masu tebur su raba madarar shayi da ta jarirai, su faɗa wa mai saye gaskiya. Malaman yaƙi da jahilci su kawo gwangwanin da ya ƙare a aji, a koyi neman watanni, da sukari, da kwanan wata, da awo. Dangin maraya su haɗa kuɗin wata 6 tun farko, kada a bar kaka ita kaɗai da nauyin. Wanda rubutu ya shige masa duhu ya kai gwangwanin gidan likitan Dantchiao a karanta masa kafin ya buɗe. Matambayi ba ya ɓata.