ARAHA BA TA ADO: LISSAFIN WANI YARONMU

Wani abu ya faru da wani yaronmu a nan Zangon Kumasi wanda muka ga bai kamata mu yi shiru a kai ba.

Tafiyarsa ta farko ke nan shi kaɗai zuwa kasuwar Pouytenga a Burkina Faso. Can dillali ya ja shi gefe, ya nuna masa bijimai 10, kowane jaka 250, wato saifa 250,000, alhali ranar ana sayar da masu jiki jaka 300. Yaro ya ga banza ta faɗi, nan take ya biya. Da ya iso Kumasi ya sayar da su a kan abin da ya kama jaka 330 kowane in an canja sidi zuwa saifa. Sai murna, wai ya ci jaka 80 a kan kowane kai.

Maigidansa bai yi masa gardama ba. Cewa ya yi, "Ɗauko takarda da biro, mu ji."

Kuɗin saye jaka 2,500. Kuɗin mota da takardu da masu rakiya jaka 40 kowane kai, 400 ke nan. Da yake dabbobin ramammu ne, mahauta suka yi ta tayin wulaƙanci, sai da suka kwana 12 a kara, ciyawa da ruwa suka ci 216. La'ada 45. Duka jaka 3,161.

To, me ya shigo? Bijimai 9 ne suka iso, domin ɗaya ya kwanta cikin mota tun kafin Paga, aka yi saurin yanka shi, aka sayar jaka 80. Kuɗin 9 ɗin 2,970, a haɗa da 80, ya zama 3,050. Yaro ya sake ƙirgawa sau biyu, sannan ya ɗago kai ya ce, "Baba, ashe faɗuwa na yi, jaka 111."

Mu dai a ganinmu ba ƙaddara kaɗai ba ce, akwai ganganci. Direba ba ya rage wa ramamme kuɗin mota, haka ma'aikatan iyaka. Wuri ɗaya zai ci da mai ƙiba, ga shi shi ne ke fara durƙushewa a hanya, shi ne kuma ke kwantai a kasuwa, don mahauci nama yake saye, ba ƙaho ba.

Saboda haka in an yi muku ragi mai yawa, ku tambayi abin da ya sa mai kaya ke gaggawa. Ku buɗe baki ku duba haƙori, ku taɓa awaza, a kora dabba ku ga tafiyarta. Sannan ku ɗora kuɗin hanya da na zaman kara kafin ku ce kun saya.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.