Raddi ga masu cewa sikanin jeli ɓata kuɗi ne a ciwon tsakuwar ƙoda

Wani ra'ayi ya samu karɓuwa a tsakanin wasu abokan aikinmu na asibiti, har ya tsallaka zuwa bakin majinyata: wai duk wanda ya zo da ciwon kwiɓi ana zargin tsakuwar ƙoda, a tura shi hoton siti kai tsaye, domin altirasawun, wato sikanin da ake shafa jeli a ciki, asarar kuɗi ne da lokaci. Sun kafa hujjoji uku. Ba duka ne shirme ba, shi ya sa suka cancanci amsa dalla-dalla.

Hujjarsu ta farko ita ce siti ya fi ganin tsakuwa. Wannan gaskiya ne, ba na jayayya. Hoton siti yana kama fiye da tsakuwa 95 cikin 100, ya nuna inda ta tsaya, ya auna girmanta da milimita, har ya ba da alamar taurinta. Altirasawun kuwa da amon sauti yake aiki, kuma irin wannan sautin ba ya ratsa iska da kyau. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara ya bi ta bayan hanji ne, hanji kuma cike yake da iska, saboda haka tsakuwar da ta maƙale a tsakiyar hanya takan ɓuya. Ƙaramar tsakuwa ma idan ya gan ta, yakan ƙara mata girma.

Amma ai ba gasar gani ake yi ba. Abin tambaya shi ne, wanda aka fara masa da altirasawun ya fi cutuwa? An gwada wannan. A 2014 aka wallafa binciken da Rebecca Smith-Bindman ta jagoranta a sassan gaggawa 15 na Amurka, kan mutum 2,759. Aka fara wa wasu da altirasawun, wasu da siti. Ba a samu bambancin a zo a gani ba wajen kuskure wata babbar cuta, ko komawa asibiti, ko tsananin ciwo. Fiye da rabin waɗanda aka fara musu da altirasawun ba su buƙaci siti a wannan zuwan ba. A ƙasar da injin siti ke kusan kowane babban asibiti ke nan, balle a wurinmu inda mutum zai yi tafiyar awanni ya iske injin ya lalace ko babu wuta.

Hujja ta biyu ita ce ta fi damuna. Sun ce: sau da yawa takardar sakamako takan fito da kalmar `hydronephrosis` ba tare da an ga tsakuwa ba, majinyaci ya firgita a banza, ke nan sikanin bai ƙara komai ba sai ruɗani. A nan suka ɗora wa na'ura laifin da yake na mai bayani.

A ɗauki direban babbar mota ɗan shekara 38. Ciwo ya turnuƙe shi da asuba a kwiɓin hagu, yana sauka mara har maraina, yana zuwa yana lafawa, ya kasa zama ya kasa kwanciya, ya yi amai sau biyu. Babu zazzaɓi. Gwajin fitsari ya nuna jini, gwajin aikin ƙoda lafiya lau. Sikanin ya nuna kumburi kaɗan a ƙodar hagu, ta dama ba komai, tsakuwa ba a gan ta ba. Ya riƙe takarda hannu na rawa, ya ce, "Likita, an ce ƙodata ta kumbura. Wankin ƙoda ke nan ko?"

Ga abin da ya kamata ya ji. "A'a, Malam. A cikin kowace ƙoda akwai ɗan fili inda fitsari ke taruwa kafin ya gangara. Ka san kwata idan ta toshe daga ƙasa, ruwa baya yake komawa ya taru. To fitsarinka ne ya taru ya buɗa wannan filin, naman ƙodar bai lalace ba. Matsin da yake yi shi ne ciwon da kake ji. Ba mu ga tsakuwar ba, amma mun ga aikinta."

Wannan bayanin ba ruɗani ba ne, amsa ce. Ciwo irin wannan, da jini a fitsari, da kumburi a gefen da ke ciwo, sun isa a fara magani. Za a ba shi maganin ciwo irin su dikulofenak tunda ƙodarsa na aiki, ya riƙa tace fitsarinsa da ƙyalle mai tsabta ko tsakuwar za ta fito, a sake sikanin bayan mako biyu ko makamancin haka. Yawancin tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba takan fita da kanta. Daga 5 zuwa 10 kusan rabi ne ke fita, wadda ta haura 10 kuwa da wuya. Idan mako huɗu zuwa shida suka wuce ba ta fito ba, ko kumburin bai sauka ba, lokacin siti ya yi, domin mai fiɗa ba zai shiga ba sai ya san wuri da girma. Kuma a gaya masa tun farko: lafawar ciwo ba shaidar fitar tsakuwa ba ce. Ƙodar da ta daɗe a toshe takan yi shiru tana lalacewa.

Kumburin ma ba kullum tsakuwa yake nufi ba. Mafitsara cike tab takan kawo shi, shi ya sa mai sikanin da ya san aikinsa yakan ce a je a yi fitsari a dawo. Juna biyu na kawo shi, galibi a dama. A dattijo, idan ƙoda biyun ne suka kumbura, a duba furosteti. A yankunanmu na madatsun ruwa da fadama kuwa a tambayi mutum ko ya yi tsargiya yana yaro, don tabon da take bari yakan tsuke bututun bayan shekaru. Haka nan rashin kumburi ba ya wanke mutum: a awannin farko, ko idan amai ya ƙafar da ruwan jikinsa, fitsarin bai taru ba tukuna.

Hujja ta uku, wai tururin siti ba abin damuwa ba ne. Hoto ɗaya na ciki, irin na yau da kullum, ya kai kimanin tururin da mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama a shekara uku. Sau ɗaya haɗarin kaɗan ne, kuma akwai salon ɗauka mai rangwamen tururi. Sai dai tsakuwa mai dawowa ce, kusan rabin masu ita sukan sake yi cikin shekara goma. Matashin da za a yi wa siti duk zuwa, lissafinsa daban ne. Mai juna biyu kuwa da ƙaramin yaro, altirasawun ne farko ba tare da muhawara ba.

Akwai inda nake tare da su ɗari bisa ɗari, kuma da sun tsaya nan da ban ɗauki alƙalami ba. Dattijon da ciwon kwiɓi ya fara kama shi yanzu, musamman mai hawan jini ko shan taba, a yi masa siti, domin kumburin babbar jijiyar jini ta ciki yakan yi shigar tsakuwa. Haka mai ƙoda ɗaya, da wanda fitsari ya ɗauke masa, da wanda allura ta kasa kwantar masa da ciwo. Da a ce direban nan ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi a kan wannan kumburin, to fitsari mai ƙwayar cuta ne ya toshe, yana iya shiga jini cikin awanni. A nan ko siti ba a jira idan zai jawo jinkiri: a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a buɗe wa fitsarin hanya a ranar, ko da siririyar robar da ake zurawa ta mafitsara, ko da wadda ake sokawa ta baya kai tsaye cikin ƙoda. Tsakuwar sai a cire ta daga baya, idan zazzaɓi ya sauka.