Bata ba ta kama da takalmi

Idan mai Adaidaita Sahu ya ce "Bata!", babu wanda takalmi ke zo masa a rai. Mahaɗar nan ce ake nufi, da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Amma asalin sunan na kamfanin takalma ne da Tomáš Baťa da 'yan uwansa suka kafa a garin Zlín na ƙasar Czech ta yau a 1894. Shagonsa ya zauna a wurin, sai sunan ya tsallaka daga shago zuwa titi, daga titi zuwa yankin baki ɗaya.

Mahaɗar ba ta kama da takalmi ta kowace fuska. Kusanci ne kawai ya haɗa su. Wannan ita ce kinaya a ma'anar da nake nufi: a kira abu da sunan abin da ke jingine da shi. Siffantawa kuwa, wadda malaman balaga ke kira isti'ara, kama take bi. Wanda ya ce "bakin kasuwa" ya ɗauko jikin mutum ya aza wa kasuwa, domin mashigarta ta yi kama da baki. Masanin harshe Roman Jakobson ya bayyana a 1956 cewa ta hanyoyin nan biyu, kama da kusanci, zuciya ke sada ma'ana da ma'ana.

Akwai gwaji mai sauƙi: a saka kalmar "kamar". "Ciniki ya mutu" yana karɓarta, domin ciniki ya tsaya cik kamar gawa. "Kasuwa ta tashi" ba ya karɓa. Mutanen cikinta ne suka tashi, aka ambaci wurin a madadinsu.

A ganina, kinaya ce ta fi cancantar a sa mata ido, musamman a aikin jarida. Siffantawa tana nuna kanta; wanda aka kira kura ya san zaginsa aka yi, yana iya musantawa. Kinaya kuwa shiga take yi ba sallama. Idan aka rubuta "Abuja ta cire tallafin mai", birnin bai cire komai ba. Shugaba Bola Tinubu ne ya sanar da hakan ranar 29 ga Mayu, 2023. Sunan wuri ya rufe mai alhaki. Idan kuma aka ce "Sabon Gari ta ce", an mayar da dubban mutane masu harsuna da addinai daban-daban baki ɗaya, a birnin da ya san tsadar irin wannan kuɗin goro.

Za a ce ba a iya magana ba tare da kinaya ba, kuma gaskiya ne. Babu mai son zayyana adireshi a duk lokacin da zai je Bata. Sai dai inda ake batun laifi ko alhaki, wajibi ne marubuci ya cire sunan wurin, ya faɗi wane ne ya yi, su nawa ne, kuma yaushe.