Kira ga SON, FCCPC da FRSC: a tilasta nuna tambarin kujerar yara ta mota kafin a sayar



Ranku ya daɗe, shugabannin hukumar kula da ingancin kaya ta SON, da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC. Na zo da koke a kan kujerun yara na mota, waɗanda cinikinsu ya koma cikin waya. Mai kaya ya ɗora hoto ɗaya, ya rubuta kuɗi, uwa ta ga kujera tsaf-tsaf ta tura kuɗinta. Da yawansu gwanjo ne, kuma hoton gaba ake ɗauka, alhali shaidar ingancin kujera tana bayanta ko ƙarƙashinta.

Kujerar da aka gwada bisa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗauke da wata 'yar takarda manne a jikin robarta, galibi mai ruwan lemo. A kanta akwai harafin E cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta amince da kujerar: E1 Jamus, E4 Holan, E11 Birtaniya. Akwai kuma sunan ƙa'idar, ko dai R44 mai duba nauyin yaro, ko R129 da ta fito a 2013 mai duba tsawonsa. Wadda ta zo daga Amurka kuwa, takardarta tana bayyana cewa ta cika ƙa'idar tsaron motoci ta gwamnatin tarayyarsu, tare da ranar ƙera ta.

Mu ɗauka uwa ce mai goyon wata huɗu, nauyin jaririnta kilo 6. Ta ga kujera a waya, ta nemi a juya mata bayanta a sake ɗauka. A takardar an rubuta R44/03, sannan 9-18 kg, doguwar lambar amincewar ma da 03 ta fara. Nan take magana ta ƙare. Kujerar ta yaron da ya kai kilo 9 ce, ta yi wa jaririnta girma. Shi abin da yake bukata shi ne kujerar da ke kallon bayan mota, ta rukunin 0-13 kg, don wuyansa bai yi ƙwarin da zai riƙe kansa ba idan aka ci birki da ƙarfi. Sannan 03 ɗin nan gwajin 1995 ne, wanda 04 ta maye gurbinsa. Ko ita 04 ɗin, Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbinta tun 1 ga Satumba 2024. A hoton farko duk wannan ba ya fitowa, sai launin yadi kawai.

Idan aka ƙara duba jikin robar, sau da yawa za a ga ɗan zagaye kamar fuskar agogo, kibiya tana nuna wata da shekarar ƙera. Masu ƙerawa kan ba kujera wa'adin shekara 6 zuwa 10, ga kuma zafin da ke taruwa cikin motar da aka ajiye a ranar Kano ko Sakkwato yana ƙara gajiyar da robar.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta zallar yadi da igiyoyi, babu ƙashin roba, da ake ɗaurawa a jikin kujerar mota. Ba ta da takarda ko ɗaya, amma da sunan kujerar yara ake tallarta, kuma araharta ke jan mutane.

Hoto yana da iyaka, ranku ya daɗe. Ba ya faɗin ko kujera ta taɓa shiga haɗari, ba ya nuna farin soson da ke ƙarƙashin riga ko ya tsage, takardar ma ana iya buga jabunta. Nan ne ikon iyaye ya ƙare, naku ya fara.

Don haka muna roƙon FCCPC ta wajabta wa duk mai tallar kujerar yara a waya ya sa hoton takardar nan a fili, yadda za a karanta lambobinta, tare da na ranar ƙera. SON kuma ta tantance lambobin tun daga bakin shigowa, ta kwashe na yadin nan daga kasuwa. FRSC ta buga hoton takardar da bayaninta da Hausa, a liƙa a asibitocin awon ciki da na rigakafi, inda iyaye mata ke taruwa kullum.

Muna fata za a duba wannan koke da idon rahama. Allah Ya yi muku jagora, Ya tsare mana 'ya'yanmu.