Takardar Wakilci Ba Takardar Ciniki Ba Ce

A Azare, hedkwatar ƙasar Katagum, akwai gidaje da filaye da yawa waɗanda masu su suna can Legas ko Fatakwal wajen neman abinci. Irin waɗannan mutane su kan bar dukiyarsu a hannun wani ta hanyar takardar wakilci, wadda lauyoyi ke kira fawa of atoni. Ya kamata jama'a su san iyakar wannan takarda tun kafin ta kai su gaban alƙali.

Takardar wakilci izini ne a rubuce, wanda mai dukiya ke ba wani ya yi abu da sunansa. Abin da wakili ya yi a cikin izinin, kamar mai dukiyar ne ya yi da hannunsa. Amma ikon wakili bai wuce abin da aka rubuta ba, gama kotu ta kan bi kalmomin takardar ne filla-filla, ba ta ƙara masa abin da ba a ba shi ba.

Ga misali. A ce wani ɗan kasuwa da ke zaune a Agege yana da gida mai ɗaki 6 a Azare, ya rubuta wa ƙanensa izinin sa 'yan haya da karɓar kuɗin haya. Ƙanen yana iya ba da rasit, ya kuma sa sabon ɗan haya. Amma ba shi da ikon sayar da gidan, ko jinginar da shi a banki, ko da an ƙare takardar da cewa ya yi duk abin da ya ga ya dace. Kotu za ta ɗauki wannan magana a kan sha'anin haya kaɗai. Wanda ya sayi gidan a hannun ƙanen ya sayi rigima. Shi ya sa wajibi ne mai saye ya ce a nuna masa takardar ta asali, ya nemi kalmar sayarwa a ciki, ya kuma tuntuɓi mai gidan.

Babban haɗarin kuwa shi ne al'adar nan ta miƙa wa mai sayen fili takardar wakilci a maimakon takardar ciniki. Dalilin wannan dabara sananne ne. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce ba a sayar da fili mai satifiket sai da yardar Gwamna, neman yardar kuma yana cin lokaci da kuɗi. Sai mutane su bi ta ɓarauniyar hanya. To, a shekarar 1993, a shari'ar Ude da Nwara, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallakar fili ga wakili. Muddin wakili bai riga ya sayar ba, mai filin yana iya sayarwa da kansa. Ke nan wanda ya biya kuɗinsa ya riƙe takardar wakilci kawai, a takarda har yanzu wakili ne, filin kuma yana nan da sunan wancan.

Sai batun ƙarewar izini. Takardar wakilci irin ta yau da kullum tana faɗuwa in mai dukiya ya janye ta, ko ya rasu, ko ya sami taɓin hankali. Wakalar da malaman fiƙihu ke karantarwa ma haka take, da rasuwar mai dukiya sai haƙƙi ya koma ga magada. In ɗan kasuwan nan na Agege ya rasu, kuɗin hayar da za a biya daga baya na magada ne, ƙanen ba ya da ta cewa sai sun sabunta masa izini. Akwai wadda ake rubuta cewa ba a janye ta, saboda an biya kuɗi a kanta. Wannan ta fi ƙarfi, amma ita ma ba ta zama shaidar mallaka.

Saboda haka mai ba da wakilci ya taƙaita. Ya faɗi gidan da yake nufi da unguwarsa, ya lissafa ayyukan ɗaya bayan ɗaya, ya sa ranar ƙarewa, ya rubuta ƙarara cewa ban da sayarwa da jingina in ba ya son su. In ba ya karanta Turanci, a fassara masa da Hausa, a kuma rubuta a jikin takardar cewa an yi haka kafin ya dangwala hannu. Ya sa hannu a gaban majistare ko lauya mai hatimin shaida, in ta shafi fili a yi mata rajista a ofishin ƙasa na Jihar Bauchi. Ran da ya janye izinin kuwa, ya sanar da wakili da 'yan haya a rubuce, ya karɓe takardarsa.

Shi kuma mai sayen fili ya daure ya bi hanyar neman yardar Gwamna, ko da za ta ɗauke shi watanni, ya karɓi takardar ciniki da sunansa.