Larabcin makaranta ko na kasuwa: wanne za mu fara koya?

Jama'ar Magarya da Dungas, mu tattauna wannan: saurayi ya sauke Alƙur'ani, ko ya yi makarantar Faranko-Arab, ya tafi ci-rani Libiya, amma a kasuwar Sabha ko kuɗin burodi ba ya iya tambaya. Ba laifin malaminsa ba ne. Larabcin littafi, wato Fusaha, shi ne na huɗuba, jarida da labaran rediyo. A titi kuwa kowace ƙasa da nata.

Ku duba kalmar "ina so". A littafi "uridu" ce. Balibiye zai ce "nibbi", mutumin Sudan ya ce "dayir", Bamisire ya ce "ayiz". In ka ce wa direba "uridu" zai gane ka, watakila ya yi murmushi. Matsalar tana wajen amsar da zai ba ka, don da harshen garinsu zai mayar, kuma da sauri.

To mu a ganinmu, wanda ya nufi karatu, a ce Jami'ar Musulunci ta Say ko Azhar, ya fara da Fusaha, tunda da ita ake jarrabawa. Na titi zai tsince shi a bakin abokai.

Wanda tafiyar neman kuɗi ce gabansa nan da wata uku, kada ya tsaya haddar Ajurumiya. Ya nemi wanda ya dawo daga garin da za shi, ya koyi ƙirga, ciniki, da yadda ake faɗa wa likita inda ke ciwo. Amma fa ya koyi karanta rubutu marar wasali, domin takardar aiki da za a ce ya sa wa hannu da Fusaha ake rubuta ta.